Lambar da Ke Tona Asirin Mai Ita

Wani ɗan yayata da ke aiki a gonar tumatir a kudancin Italiya ya taɓa turo mini hoton katinsa na asibiti ta waya, da saƙon murya a biye. "Kawu," in ji shi, "don Allah duba mini wannan lambar. Duk 'yan Nijeriyar da muke ɗaki ɗaya, tasu tana da Z335 kusa da ƙarshe. Ni kuwa tawa Z33R ce. Ko jabu aka yi mini?"

Ba jabu ba ce. Amma kafin in iya gaya masa dalili, sai da na zauna na warware lambar gaba ɗaya, harafi bayan harafi. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, don a cikin haruffa da alƙaluma 16 kacal akwai guntun sunansa, da shekarar haihuwarsa, da wata, da rana, da jinsinsa, da ƙasar da aka haife shi. Duk ma'aikacin da ya karɓi katin nan ya san waɗannan abubuwa tun kafin yaron ya buɗe baki.

Mu a Nijeriya ba mu saba da haka ba. Lambar NIN alƙaluma 11 ce, kuma ko ka kwana kana kallonta ba za ta gaya maka ko mai ita Bakano ne ko Bazazzagi, tsoho ne ko yaro ba. A wasu ƙasashe kuwa lambar magana take yi, ga wanda ya iya sauraro.

Yadda ake ɗinka lambar Italiya

Sunanta codice fiscale, wato lambar haraji, kuma an kafa ta ne da wata doka ta 1973. Asalinta don haraji aka yi ta, amma yau ba ka samun aikin albashi, ko hayan ɗaki a rubuce, ko asusun banki, ko likitan gwamnati ba tare da ita ba. Abin da ya bambanta ta da yawancin lambobin duniya shi ne, ana iya lissafa ta da biro da takarda in an san bayanan mutum.

Mu ƙirƙiri wata mata don misali, mu kira ta Amina Garba, mu ce an haife ta a Kano ranar 14 ga Maris, 1992. Lambarta za ta fito haka:

```
GRB MNA 92 C 54 Z335 Y
```

Haruffa ukun farko daga sunan mahaifi ko na dangi aka ciro su. Ana ɗaukar baƙaƙe uku na farko, a tsallake wasula, don haka Garba ya zama GRB. In baƙaƙen ba su kai uku ba, sai a ciko da wasula: Isa zai zama SIA. Uku na biye daga sunan yanka ne. Amina baƙaƙe biyu gare ta, M da N, sai aka ƙara wasalin farko, aka sami MNA. A nan akwai wani ɗan tarko da ke kama masu koyo. In sunan yanka yana da baƙaƙe huɗu ko fiye, ba na farko da na biyu da na uku ake ɗauka ba, na farko da na uku da na huɗu ake ɗauka. Shi ya sa Abubakar yake zama BKR, Muhammad kuma MMM. Ibrahim in sunan yanka ne BHM, in sunan mahaifi ne BRH.

Sai 92, wutsiyar shekarar haihuwa. Sai harafi ɗaya na wata, kuma ba a jere na abacada suke ba har ƙarshe: A, B, C, D, E su ne Janairu zuwa Mayu, daga nan sai a yi tsalle, H Yuni, L Yuli, M Agusta, P Satumba, R Oktoba, S Nuwamba, T Disamba. Maris ke nan C.

To ina 54 ta fito, alhali babu watan da ke da kwana 54? Wannan ita ce dabarar da ta fi burge ni. Maimakon a ɓata gurbi guda don nuna jinsi, sai aka ce in mace ce a ƙara 40 a kan ranar haihuwarta. Sha huɗu da arba'in, 54. In ka ga alƙaluman nan biyu tsakanin 01 da 31, namiji ne. In tsakanin 41 da 71 suke, mace ce, ka cire 40 ka sami ranarta.

Huɗun da ke biye wurin haihuwa ne. Kowace ƙaramar hukuma a Italiya tana da tata alamar, harafi ɗaya da alƙaluma uku: birnin Roma H501, Milano F205, Napoli F839. Wanda aka haifa a waje kuwa ba a kula da garinsu, ƙasarsa kawai ake sawa, kuma duk ƙasashen waje da Z suke farawa. Nijeriya Z335, Nijar Z334, Gana Z318. Kano da Legas da Maiduguri duk an zuba su a kwando ɗaya. A riƙe wannan, don shi ne rabin amsar tambayar ɗan yayata.

Harafin ƙarshe, Y, ba ya faɗin komai game da Amina. Mai gadi ne. Kowane ɗaya daga cikin 15 na gabansa ana ba shi wata daraja daga jadawali, jadawalin gurabe na ɗaya, uku, biyar daban, na gurabe biyu, huɗu, shida daban. A tata lambar jimlar farko ta ba da 90, ta biyu 64, haɗe 154. A raba da 26, adadin haruffan abacadar Turawa, ragowa 24. In aka fara ƙirga A a matsayin sifili, 24 ta faɗa kan Y. Amfaninsa shi ne, in akawu ya buga 45 a maimakon 54, jimlar za ta canza, harafin ƙarshe ba zai dace ba, na'ura ta ƙi karɓa. Kuskuren yatsa yake kamawa. Ba ya kama ƙarya, don duk wanda ya san jadawalin zai iya ƙera lambar da ta dace da mai gadinta.

Me ya sa aka yi haka tun farko

Dole mutum ya mai da kansa zamanin da babu intanet kafin abin ya yi masa ma'ana. A ce gwamnati tana son ba mutum miliyan hamsin lamba, kowa da tasa, kuma ofisoshi dubu ne za su yi rabon, ba mai ganin littafin wani. Ta yaya za a hana ofishin gabas da na yamma su ba mutum biyu lamba ɗaya? Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka wa kowane ofishi gonarsa. In lambar ta fara da alamar yanki, ta biyo da ranar haihuwa, abin da ya rage wa akawu shi ne ya ƙirga jariran da aka haifa a yankinsa a wannan rana, na ɗaya, na biyu, na uku. Ba ya buƙatar buga waya babban birni. Haka Amurka ta yi a 1936 da ta fara rabon lambar inshorar zamantakewa mai alƙaluma tara: ukun farko na yanki ne, ƙananan lambobi a arewa maso gabas, suna ƙaruwa in ana tafiya yamma.

Akwai kuma maganar neman fayil. A ɗakin ajiya mai takardu miliyoyi, lambar da ke ɗauke da yanki da shekara ita kanta adireshi ce, tana gaya wa masinja kantar da zai nufa. Na'urorin kati mai huji na wancan zamani ma haka suke so, don da gurbi ɗaya za su ware maka maza daga mata, da gurbi biyu su fitar da duk 'yan shekara ashirin. Lambar Faransa an ƙirƙire ta ne a farkon shekarun 1940, lokacin mulkin Vichy, a hannun wani jami'in soja masanin irin waɗannan na'urori, René Carmille, wanda daga baya Jamusawa suka kama, ya rasu a sansanin Dachau a 1945. Har yau tana farawa da 1 ga namiji, 2 ga mace, sai shekara, sai wata, sai lardin haihuwa, inda 99 ke nufin haihuwar ƙasar waje.

Dalili na ƙarshe na ɗan Adam ne kawai. Mutum ba ya manta ranar haihuwarsa da garinsu, don haka rabin lambar yana kansa tun kafin a ba shi kati. Ma'aikaci kuma da ya ga dattijo mai furfura ya miƙo lambar da ke cewa an haife shi 2004, ya san akwai lauje cikin naɗi.

Wanda ya gane wannan tsari zai karanta na wasu ƙasashe ba wuya. Ɗalibanmu na Azhar suna ganin lambar ɗan ƙasa ta Masar kullum, mai alƙaluma 14. Na farko ƙarni ne, 2 ga wanda aka haifa daga 1900 zuwa 1999, 3 daga 2000 zuwa gaba. Shida na biye shekara, wata, rana. Biyu na biye lardi: 01 Alƙahira, 02 Iskandariyya, 21 Giza, 88 wanda aka haifa a waje. Sai huɗu na jeri, inda na ƙarshensu in mara ne, irin 1 ko 3 ko 5, namiji ne, in cika ne mace. Na sha huɗu mai gadi ne. Lambar da ta fara da 292031421 ta mutumin da aka haifa a Giza ce ranar 14 ga Maris, 1992. Wannan alƙalamin ƙarni ya magance wata matsalar da Italiya ke fama da ita, don a can 25 tana iya zama 1925 ko 2025, lambar ba ta bambancewa, sai dai ka kalli fuskar mai ita.

Abin da lambar ba ta faɗa ba

A nan ne masu ɗan sani ke tuntuɓe. Lamba ba ta san mutum ba, abin da aka rubuta ranar rajista kawai ta sani.

Ɗauki ta ƙasar Sin, wadda 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou da Yiwu ke gani a takardun yarjejeniya. Alƙaluma 18 ce tun 1999, kafin nan 15 ce, aka faɗaɗa ta don shekara ta cika alƙaluma huɗu a kuma ƙara mai gadi. Ga wani sanannen misali da ake koyarwa da shi:

```
110105 19491231 002 X
```

11 Beijing ce, 110105 gundumar Chaoyang a cikinta. Sai 31 ga Disamba, 1949. Sai 002, cika, wato mace. X ɗin ba harafi ba ce a ma'ana, goma ce a rubutun Rumawa, don lissafin mai gadinsu da 11 ake rabawa, amsa tana iya fitowa goma, gurbin kuwa ɗaya ne. Amma shidan farkon nan ba wurin haihuwa suke nunawa ba. Inda aka yi wa mutum rajistar gida suke nunawa, a lokacin da aka fara ba shi lamba. Dillalin da ya shekara ashirin a Guangzhou, inda lambobin lardin ke farawa da 44, yana iya miƙo maka katin da ya fara da 41 na Henan, kuma bai yi maka ƙarya ba. Ko ya ƙaura, ko ya canza rajistarsa, lambar ba ta bin sa.

Haka a Italiya, alamar wuri ba ta faɗin ɗan ƙasa. Jaririn da 'yan Nijeriya suka haifa a Roma zai sami H501 alhali doka ba ta ɗauke shi Ba'italiye ba, don a can jini ake bi. Ɗan Ba'italiyen da aka haifa a Legas lokacin da ubansa ke aikin kwangila kuwa zai yi ta yawo da Z335 har ya mutu.

Yanzu mu koma kan ɗan yayata. An haife shi a ƙauye, a ɗaki, ba wanda ya rubuta rana. Abin da yayata ke tunawa shi ne da kaka ne, an gama yankan gero. Da ya tashi yin fasfo, sai aka yi abin da aka saba, aka je kotu aka yi takardar rantsuwar shekaru, aka rubuta 1 ga Janairu. Dubban mutanenmu haka aka yi musu, har ana zolaya cewa rabin ƙauye ranar sabuwar shekara aka haife su.

Ka haɗa wannan da yadda sunayenmu suke. Abdullahi, Abdulƙadir, Abdulmalik, Abdulrahman, in sunan mahaifi ne duk BDL suke bayarwa. Muhammad da Mohammed duk MMM. A misalta samari biyu, Muhammad Abdullahi daga Katsina da Muhammad Abdulƙadir daga Bauchi, ba su taɓa haɗuwa ba, kowanne fasfonsa na cewa 1 ga Janairu, 1995. Tunda ƙasa ɗaya ce alamar wurinsu, lissafi zai ba su lamba ɗaya tak. Italiyawa suna da suna ga wannan karo, omocodia. Hukumar harajinsu, Agenzia delle Entrate, ita ke raba gardama, ta hanyar musanya alƙalami da harafi, tana farawa daga na ƙarshe ta hannun dama. Sifili ya zama L, 1 M, 2 N, 3 P, 4 Q, 5 R, 6 S, 7 T, 8 U, 9 V. Sai a sake lissafa mai gadi:

```
BDLMMM95A01Z335U
BDLMMM95A01Z33RP
```

R ɗin da ta hana ɗan yayata barci 5 ce da ta sa riga. Ma'anarta ita ce akwai wani a Italiya da lissafi ya haɗa su lamba ɗaya, aka bambanta su. Tsarin da aka gina don ƙasa mai ƙananan hukumomi kusan dubu takwas, inda kowa ke da takardar haihuwa mai rana da wata, ya gamu da mutanen da aka tattara ƙasarsu duka a alama ɗaya, ranar haihuwarsu kuma ta ƙiyasi ce. Ba Italiya kaɗai ba. A Suwidin, inda lambar ke farawa da ranar haihuwa tun 1947, gurbin kowace rana ƙayyadadde ne, kuma baƙi masu 1 ga Janairu da 1 ga Yuli sun yi yawa har lambobin wasu shekarun suka ƙare. Sai aka gyara doka don a riƙa ba mutum lambar wata rana ta kusa. Ke nan a can ma ranar da ke jikin lamba ba lallai ta zama ranar da ke jikin fasfo ba.

Dalilin da ake guje mata yanzu

A ganina babban aibin irin wannan lamba ba kuskure ba ne, surutu ne. Tana ba da labarinka ga wanda bai tambaya ba, kuma ba ka da ikon rufe mata baki.

Afirka ta Kudu ce misali mafi muni. Lambarsu alƙaluma 13 ce: shida na ranar haihuwa, huɗu na jeri inda ƙasa da 5000 mace ce, daga 5000 namiji, ɗaya na matsayi, 0 ɗan ƙasa, 1 baƙo mai izinin zaman dindindin. Na sha biyu kuwa, a zamanin wariyar launin fata, launin mutum yake nunawa, bisa rabon jinsuna da dokar rajistar jama'a ta 1950 ta shimfiɗa. Dokar 1986 ce ta cire wannan ma'ana. Gurbin yana nan har yau, galibi za ka ga 8 a wurin, kamar tabon ciwon da ya warke.

A Koriya ta Kudu alamar wurin rajista ta jawo wata fitinar. Mutanen da suka tsere daga Koriya ta Arewa a da ana yi musu rajista ne a cibiyar karɓarsu da ke yankin Anseong, don haka lambobinsu suka yi kama da juna. Duk mai ido yana iya zargin daga ina mutum ya fito, har 'yan asalin yankin da ba ruwansu abin ya shafa. Daga Oktoba 2020 ƙasar ta daina sa alamar yanki a sababbin lambobi.

Ta Amurka kuwa hasashe ne ya kashe ta. Bankuna da kamfanoni sun mai da lambar tamkar kalmar sirri, wanda ya faɗe ta daidai an yarda shi ne. A 2009 wasu masu bincike biyu na jami'ar Carnegie Mellon, Alessandro Acquisti da Ralph Gross, suka nuna cewa in ka san jihar da aka haifi mutum da ranar haihuwarsa, kana iya cankar babban ɓangaren lambarsa, musamman a ƙananan jihohi. Daga 25 ga Yuni, 2011, aka koma rabon lambobi barkatai, alƙaluma ukun farko ba sa nufin komai.

Ƙasashen da suka gina tsarinsu a zamanin kwamfuta sun tsallake wannan rami. Lambar Aadhaar ta Indiya alƙaluma 12 ce marasa ma'ana, kamar yadda NIN take. Bayanan suna can a rumbun hukuma, lambar makulli ce kawai. Tunda duk ofisoshi suna magana da rumbu ɗaya, buƙatar yanka wa kowa gona ta kau. In aka gyara wa mutum ranar haihuwa ko rubutun suna, lambarsa tana nan yadda take. A ƙasa irin tamu, inda tambayar "ɗan wace jiha ne" ke iya hana mutum aiki ko gurbin karatu, ina ganin ba ƙaramin rufin asiri ba ne da lambar ta zama bebiya. Farashinsa shi ne, ranar da na'ura ta ce babu sabis, ma'aikaci ba ya iya tantance komai da ido, sai dai a ce maka ka dawo gobe.

A Italiya kuwa gyara yana taɓa lambar kanta. Wanda aka sabunta wa fasfo aka rubuta Mohamed da m ɗaya a tsakiya maimakon Muhammad, lissafinsa ya tashi daga MMM ya koma MMD, kuma in bai je an haɗe tsohuwar lamba da sabuwa ba, kuɗin fanshon da aka yanka masa na iya rabuwa gida biyu. Wannan na gaya wa ɗan yayata, na ƙara masa da gargaɗi ɗaya. Akwai shafukan intanet da ke lissafa wa mutum lamba in ya sa sunansa da ranar haihuwa, kuma wasu masu ɗaukar aiki da su suke cike takarda don gudun wahala. Waɗannan shafuka ba su san an yi karo ba, Z335 za su fitar masa, wato lambar wani. Na ce duk takardar da za a rubuta masa, ta albashi ce ko ta haya, ya ɗora katinsa a kai ya bi da yatsa har ya ga R ɗin nan a gurbi na 15 kafin ya sa hannu.

Ya ce, "To Kawu, shi wancan mai irin sunana fa, yana ina?"

Na ce wannan kam lambar ba ta faɗa ba.